Yadda za ka lissafa lokacin rufe fom na ƙasar waje da agogon Zariya kafin fotal ya kulle

Duk wanda ke neman sikolashif ko gurbin karatu a waje ya san irin wannan layin da ake sakawa a ƙasan shafi, ga kwanan wata ga ƙarfe kaza sai wasu haruffa uku a gefe, EST ko CST ko BST, wani lokacin ma ba haruffan sai dai a ce maka agogon ƙasarsu kawai. Yawancinmu kwanan watan muke riƙewa mu watsar da sauran, to sauran nan shi ne yake kayar da mutane, kuma wallahi abin da ciwo ka ga yaro ya yi wata biyu yana gyaran takardu, ya bi malamai sun rubuta masa wasiƙar shaida, ya biya kuɗin jarabawar Turanci, ranar ƙarshe ya shiga kafe a Samaru da ƙarfe goma da rabi na dare yana ganin saura minti talatin ashe an rufe tun ƙarfe goma. Ba wanda zai saurare shi bayan nan, na'ura ce ta rufe ba mutum ba.

Abu na farko da za ka riƙe, mu a Najeriya agogonmu ba ya motsi. Sunansa WAT, kuma yana gaban agogon duniya da ake kira UTC da awa ɗaya, shi ya sa ake rubuta shi UTC+1. Rani da damina haka yake, Zariya da Legas da Maiduguri duk ɗaya. Don haka idan ka samo lokacin rufewa a UTC ka gama, ƙara awa ɗaya kawai za ka yi. Duk wahalar tana wajen kai lokacinsu zuwa UTC ɗin, saboda su nasu agogon yana motsi sau biyu a shekara a ƙasashe da yawa, kuma haruffan da suke rubutawa ba kullum suke nufin abin da suka rubuta ba.

Kafin ka taɓa lissafi ka koma shafin hukumar da kanta. Ba hoton da aka turo a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku ba, ba shafin masu tattara labaran sikolashif ba, domin su galibi kwanan wata kawai suke kwafowa su yar da awa da haruffan. Ka kwafe layin yadda yake harafi da harafi a takarda, ka ɗauki sikirinshot ɗinsa. Sannan ka duba wurare uku, shafin sanarwar, shafin tambayoyin da aka saba yi wanda suke rubuta wa FAQ, da kuma cikin fotal ɗin bayan ka yi rajista ka shiga. Sau da yawa a ɗaya daga cikinsu ne za ka ga an faɗi abin dalla-dalla. Idan suka saɓa wa juna kar ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi, ka rubuta duka, za mu dawo kansu.

Yanzu bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata jami'a ce a birnin New York ta rubuta haka a shafinta:

```
Deadline: March 16, 2026, 5:00 PM EST
```

Tambayar farko ba ita ce EST awa nawa ba ce, tambayar ita ce wane gari ne masu fom ɗin suke, kuma a ranar 16 ga Maris agogon garin yana kan wane lissafi. Gabashin Amurka yana da lissafi biyu. Lokacin sanyi suna kan EST, wato UTC-5, suna bayanmu da awa shida. Lokacin zafi suna tura agogo gaba da awa ɗaya su koma EDT, wato UTC-4, sai tazarar ta zama awa biyar. Canjin yana faruwa ne a Lahadi ta biyu ta watan Maris, su dawo a Lahadi ta farko ta Nuwamba. A 2026 Lahadi ta biyu ta Maris ta faɗo ranar 8 ga wata. Ka ga kenan ranar 16 ga Maris New York ta riga ta bar EST da sati guda da ɗoriya, tana kan EDT, amma ga shi an rubuta EST a shafin.

Wannan ba wani abin mamaki ba ne, Amurkawa da yawa EST suke cewa duk shekara, bakinsu ya saba, abin da suke nufi shi ne agogon da ke bangon ofishinsu. To sai layin ya zama yana da fassara biyu. Idan EST ɗin gaske ne, biyar na yamma a ƙara awa biyar ya zama 22:00 UTC, a ƙara ɗaya tamu, ƙarfe 11 na dare a Zariya. Idan kuma agogon bangon New York ake nufi, biyar na yamma a ƙara awa huɗu ya zama 21:00 UTC, a ƙara ɗaya, ƙarfe 10 na dare. Awa guda cur tsakaninsu. Wanda ya buga EST a waya ya ga an ce awa shida ya yarda, shi ne zai zo goma da rabi ya tarar da ƙofa a rufe, domin wanda ya saita fotal ɗin kusan tabbas da agogon garinsu ya saita.

Abin da za ka yi a nan shi ne ginshiƙin duk wannan bayanin. Ka fitar da duk fassarar da layin zai iya ɗauka, ka mayar da kowacce agogon Najeriya, sannan ka ɗauki wadda ta fi kusa. A misalinmu ƙarfe 10 na dare. Idan ka yi aiki da goma alhali sha ɗaya ne ba ka rasa komai ba, idan ka yi aiki da sha ɗaya alhali goma ne ka rasa shekara. Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya tsaya gardama a kan wacce ce daidai ba tunda ba kai za ka yanke hukunci ba.

Idan suka rubuta ET kawai ba S ba D a tsakiya, wannan ya fi sauƙi, suna nufin duk wanda yake aiki a ranar, sai ka duba ranar ta faɗa tsakanin Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadi ta farko ta Nuwamba ko a'a. Haka PT na yammacin Amurka irin su Kalifoniya, lokacin sanyi UTC-8 suna bayanmu da awa tara, lokacin zafi UTC-7 awa takwas. Akwai rana guda da nake so masu neman jami'o'in Amurka su lura da ita, 1 ga Nuwamba, don jami'o'i da yawa can suna rufe karɓar farko a ranar, kuma a 2026 ita ce Lahadin da ake mayar da agogo baya. Canjin yana faruwa da ƙarfe biyun darensu, to zuwa 11:59 na daren ranar sun koma EST, zai zama 5:59 na asubar Litinin a nan. Amma tunda ranar canji ce ka ɗauki 4:59 ka huta, wato kafin kiran assalatu ka gama komai, kodayake ni ba zan so ka kai wannan lokacin ba ma.

Birtaniya kuma nata salon daban, kuma ranakun canjinta ba ɗaya suke da na Amurka ba. Lokacin sanyi suna kan GMT, daidai da UTC, suna bayanmu da awa ɗaya. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna kan BST, wato UTC+1, agogonsu da namu ya zama ɗaya sak. A 2026 ranakun su ne 29 ga Maris da 25 ga Oktoba. Dubi UCAS, hukumar da ake bi ta hannunta a nemi digirin farko a jami'o'in Birtaniya, ita 18:00 take rubutawa ta ce agogon Birtaniya. Wa'adinta na 15 ga Oktoba, na Oxford da Cambridge da karatun likita, yana faɗawa cikin BST, don haka ƙarfe 6 na yamma ne a nan ma. Amma wa'adin Janairu, 18:00 ɗin nan ɗai ƙarfe 7 na dare ne a Zariya. Rubutu iri ɗaya, lokaci daban, wanda ya riƙe cewa kullum muna da rarar awa ɗaya a kan Landan zai makara a Oktoba. Kuma su ma suna da irin ɗabi'ar Amurkawa, a watan Yuni wani zai rubuta 12:00 GMT yana nufin agogon Landan. GMT na gaske ƙarfe 1 na rana ne a nan, agogon Landan kuma 12 daidai, sai ka ɗauki 12.

Tunda an zo kan sha biyu, ga inda ake yawan faɗawa. Chevening, sikolashif ɗin gwamnatin Birtaniya da 'yan Najeriya ke rububi a kai, da tsakar rana take rufewa ba da tsakar dare ba, a 2024 ranar 5 ga Nuwamba ce da 12:00 GMT, wato ƙarfe 1 na rana a nan, lokacin azahar. Mutum ya ga 12:00 sai zuciyarsa ta ba shi dare, ya ce bari in dawo daga lakca in ƙarasa da yamma. Idan agogon mai awa 24 ne, 12:00 rana ce, dare 00:00 ne ko 23:59. Idan mai AM da PM ne, 12:00 PM rana ce, 12:00 AM kuma farkon ranar ne, wato daren jiya. Wannan na biyun ya fi haɗari. Idan aka ce 12:00 AM ranar 16, ana nufin minti ɗaya bayan 11:59 na daren 15, ranar 16 ɗin gaba ɗaya ba taka ba ce. Haka idan aka rubuta kalmar midnight tare da kwanan wata, tana iya zama daren shiga ranar tana iya zama daren fita, su kansu Turawan ba su daidaita a kai ba, shi ya sa masu hankalinsu suke rubuta 11:59 PM. Ka ga midnight ranar 16, ka ɗauka ranar 15 ce ranarka ta ƙarshe.

Kwanan watan shi ma a duba shi. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/04/2026 a wajensu 4 ga Maris ne, mu da Birtaniya kuma 3 ga Afrilu za mu karanta. Nan ba awa ɗaya za ka rasa ba, kusan wata guda ne. Ka nemi wani kwanan wata a shafin da yake da lamba sama da 12 ka ga a wane gurbi ta zauna, shi zai nuna maka tsarin da suke bi, in ba ka samu ba ka ɗauki na kusa.

Sai haruffan da ƙasashe da yawa suke rabawa. CST shi ne babbansu. A Amurka agogon tsakiyar ƙasa ne irin na Chicago lokacin sanyi, UTC-6. A Sin kuma agogon ƙasar ne baki ɗaya, UTC+8, kuma su ba sa canzawa. Ka ɗauki 11:59 PM CST ranar 20 ga Janairu. Idan na Amurka ne, 6:59 na safiyar 21 ne a Zariya. Idan na Sin ne, 4:59 na yammacin ranar 20 ne, bayan la'asar kaɗan. Awa goma sha huɗu tsakani. Ɗalibin da ke neman jami'a a Beijing ya buga CST a waya aka kawo masa na Amurka ya kwanta da niyyar tashi da asuba ya tura, to an rufe tun kafin magariba. IST ma haka, Indiya ce UTC+5:30, ita har da rabin awa, 11:59 na darensu 7:29 ne a nan, amma Isra'ila da Ireland ma suna amfani da haruffan. AST yana iya zama na Saudiyya UTC+3, yana iya zama na gabar Atlantika ta Kanada UTC-4. BST ɗin ma Bangladesh tana amfani da shi. Maganin duk wannan guda ne, ka manta da haruffan ka nemi garin da hukumar take, adireshinta yana ƙasan shafi, da sunan garin za ka yi lissafi.

Kuma ka sa a ranka cewa gabas ta fi yamma haɗari a gare mu. Ƙasashen yamma suna bayanmu, kuskure a kansu yakan ci awa ɗaya. Na gabas suna gabanmu, ranarsu tana ƙarewa tamu tana tsakiya. Malesiya UTC+8 take kamar Sin, Turkiyya da Saudiyya UTC+3, 11:59 na darensu 9:59 ne a nan. Jamus da Faransa da Hungary lokacin sanyi daidai suke da mu, lokacin zafi suna gabanmu da awa ɗaya, ranakun canjinsu ɗaya da na Birtaniya. Ostireliya kuwa har kwanan wata take ci. Sydney tana kan UTC+11 daga Lahadin farko ta Oktoba zuwa Lahadin farko ta Afrilu, saboda zafinsu a lokacin yake, to idan aka ce ƙarfe 9 na safe ranar 31 ga Oktoba agogon Sydney, a Zariya ƙarfe 11 na daren 30 ga wata ne. Ka rubuta 31 a kalanda ka makara da kwana.

Akwai guda ɗaya da malamai da 'yan digiri na biyu da na uku suke gamuwa da shi wajen tura takarda taron ilimi, musamman ɓangaren kwamfuta, shi ne AoE. Shi UTC-12 ne, ma'ana muddin akwai inda ranar ba ta ƙare ba a duniya ƙofa a buɗe take. 23:59 AoE ranar 10 ga wata shi ne 12:59 na rana ranar 11 ga wata a nan. Shi wannan ba ya da ruɗani kuma ba ya canzawa, rara ce a gare mu, sai dai kar ka ɗauka kowane fom haka yake.

Bayan ka yi lissafi da hannu sai ka tabbatar da na'ura, amma a nan ma akwai rami. Agogon ƙasashe da ke cikin wayarka, da amsar da Google ke bayarwa idan ka tambayi ƙarfe nawa ne a New York, tazarar yau suke nuna maka. Idan yau 20 ga Fabrairu ce za ka ga awa shida, ranar 16 ga Maris kuwa awa biyar ce. Dole ka yi amfani da abin da zai bar ka ka saka ranar rufewar. Shafin timeanddate.com yana da wajen canza lokaci mai suna Time Zone Converter, ka saka New York a matsayin gari na farko, ka saka Lagos ko Kano na biyu, ka canza kwanan wata zuwa 16 ga Maris 2026 da awa 17:00, zai ba ka 22:00. Ka lura garin na ce ka saka, idan ka saka EST zai bi ka a kan EST ɗin gaske ya ba ka 23:00. Hanya ta biyu ita ce Google Calendar, ka buɗe sabon abu a ranar, wajen Time zone ka zaɓi na New York, ka saka biyar na yamma ka ajiye, zai bayyana a kalandarka da agogon gida. Masu Linux kuma layi ɗaya ya ishe su:

```
TZ=Africa/Lagos date -d 'TZ="America/New_York" 2026-03-16 17:00'
```

Zai fito da 22:00:00 WAT. Idan lissafin hannunka da na na'ura suka bambanta da awa ɗaya daidai, kusan kullum canjin agogon zafi da sanyi ne ka tsallake. Idan suka bambanta da awa goma ko sha biyu, ko dai ka rage inda ya kamata ka ƙara ko ka rikita AM da PM. Dabarar da ba ta ɓata ita ce ka tambayi kanka, garin nan yana yamma da mu ne ko gabas, in yamma ne lokacinmu ya fi nasu nisa cikin yini, in gabas ne namu yana baya.

Wani abin kuma, agogon na'urar da kake aiki da ita. Wasu fotal suna nuna agogo mai ƙirga sauran lokaci, kwana kaza awa kaza, wasunsu daga agogon kwamfutarka suke lissafawa. Kwamfutocin kafe da tokumbo da yawa an bar su a kan agogon Amurka tun daga inda aka sayo su, mai shagon ya gyara awar da hannu don ta yi daidai da ta bango amma yankin yana nan a Pacific Time, to irin wannan injin zai nuna maka ƙirgar da ta kauce da awanni. A Windows ka duba wajen saita lokaci ka tabbatar yana kan (UTC+01:00) West Central Africa, a waya kuma ka bar ta ta ɗauki lokaci daga netwok da kanta. Idan ƙirgar fotal ta nuna lokaci da ya fi lissafinka kusa, bi ta. Idan ta nuna wanda ya fi nisa, bi lissafinka.

To idan ba su rubuta awa ko yanki ba sam, kawai an ce 31 ga Janairu fa? Nan fassarar tana da yawa, zai iya zama tsakar daren garinsu, zai iya zama ƙarfe biyar na tashi daga ofis, zai iya zama tsakar daren UTC idan haka aka bar na'urar, kai zai ma iya zama farkon ranar. Ka ɗauki ranar 30 a matsayin ta ƙarshe, in ƙasar gabas ce mai nisa ka gama kafin azahar ta ranar 30 ɗin. Sannan ka tura musu imel tun da sauran sati biyu ko uku, ba ana gobe ba, don ofisoshin nan a makon ƙarshe saƙonni sun yi musu yawa. Kuma kar ka tambaye su wane yankin lokaci suke nufi, za su sake maimaita maka haruffan da suka ruɗa ka. Ka ba su lissafinka ne, ka ce daga Najeriya kake, ka fahimci za a rufe da 21:00 UTC ranar 16 ga Maris, shin haka ne? Tambayar da amsarta e ko a'a ce tana saurin samun amsa, kuma ka ajiye amsar, ita ce hujjarka idan aka rufe kafin lokacin da suka faɗa maka.

Yanzu ka samu ƙarfe 10 na daren Litinin 16 ga Maris. Wannan lokacinsu ne, kai sai ka yanka naka, kuma shawarata ka ja shi baya da kwana biyu cikakku, wato Asabar 14 ga wata da rana. Dalilin ba tsoro ba ne, abubuwan da suke cin lokaci a ranar ƙarshe sanannu ne. Fotal yakan yi nauyi a awannin ƙarshe saboda duk duniya ta taru a kai. Fayil ɗin da ka yi sikanin a PZ ko Kongo zai iya fin girman da suka yarda da shi sai ka koma ka rage. Katin banki zai iya ƙin biyan kuɗin fom na dala, ko lambar OTP ta ƙi shigowa, gyaran wannan kuma sai ranar aiki, shi ya sa ma kuɗin gara ka biya tun Alhamis ko Juma'a da safe. Ga ɗauke wuta, ga netwok da ke rarrafe da daddare a unguwannin ɗalibai lokacin da kowa ya hau. Kuma na'urarsu ba ta duba lokacin da ka fara cikewa, lokacin da ka danna Submit ya isa wajensu shi take rubutawa, ka fara 9:40 aplodin ya tsaya yana juyawa har 10:01 ka makara.

Ka rubuta lokutan biyu a takarda ka manna inda kake gani, da rana da kwanan wata da awa a tsarin 24, misali Litinin 16 Maris 22:00 agogon Zariya, a ƙasa kuma Asabar 14 Maris 14:00 nawa. Sunan ranar yana da amfani don shi ke saurin tona kuskure, idan shafinsu ya ce Litinin kai kuma lissafinka ya kai ka Talata sai ka tsaya ka duba ko ƙetare tsakar dare ne ya jawo ko kuskure ne. Ƙararrawar waya a kan lokacinka za ka saita ta, ba a kan nasu ba.

Kar ka manta da malaman da za su tura maka wasiƙar shaida. A fom da yawa su ma wa'adin ya shafe su, wani wajen rana ɗaya da kai wani wajen daban, kuma imel ɗin da fotal ke tura musu da haruffan nan masu ruɗani yake zuwa. Malami yana da lakca da mitin da tarin ɗalibai, ba zai zauna lissafin EDT ba. Kai za ka je ofis ko ka tura saƙo cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe, Malam, wasiƙar nan za a rufe karɓa ranar Litinin ƙarfe goma na dare agogonmu, in da hali a taimaka a tura kafin Juma'a. Ka ba shi lokacin gida kai tsaye, kuma ka riƙa leƙa fotal ɗin don yawancinsu suna nuna ko wasiƙar ta shiga.

Bayan ka danna Submit kar ka rufe shafin ka tashi. Ka duba matsayin fom ɗin ya canza daga In Progress ko Draft zuwa Submitted, domin wasu fotal suna da mataki biyu, ka ajiye sannan ka tura, wasu kuma sai an biya kuɗi turawar take cika. Ka jira imel ɗin tabbatarwa, ka leƙa Spam in bai zo ba, ka ɗauki sikirinshot da lambar fom ɗinka da lokacin a jiki. Idan awa ɗaya ta wuce ba imel kuma matsayin bai canza ba, ka fita ka sake shiga ka duba ko akwai gurbin da aka yi wa jan layi, in babu ka rubuta musu nan take da hoton a haɗe, tunda ranar Asabar ka tura kana da Litinin gaba ɗaya ta aikinsu kafin biyar ɗin yammarsu ta yi.